Tsiron Tsufa Da Melanoma: Yadda Ake Bambance Baƙin Tabo Marar Illa Da Kansar Fata

Da zarar mutum ya haura shekara 50, fatarsa takan fara fitar da wasu ƙananan tsiro masu launin ƙasa-ƙasa ko baƙi a baya, ƙirji, wuya da gefen fuska. Wanda ya dube su da kyau zai ga kamar an ɗiga narkakken kakin zuma ne a kan fata ya daskare, har ya yi tsammanin farce zai iya ɓamɓare su. Likitoci na kiran wannan tsiro seboriyik keratosis. Ba kansa ba ne, ba ya rikiɗewa ya koma kansa, kuma ba a ɗaukarsa daga jikin wani.

Matsalar ita ce akwai wani baƙin tabon na daban, wato melanoma, kansar da ke tashi daga ƙwayoyin da ke bai wa fata launinta, wadda takan yi kisa idan aka makara. A idon wanda bai sani ba, duka biyun baƙin abu ne a jikin fata. Shi ya sa ake samun kuskure iri biyu: wani ya hana kansa barci saboda tsiron da ba zai yi masa komai ba, wani kuma ya yi shekara yana taka ƙafar da ke ɗauke da kansa, yana cewa ai tabon ƙaya ne. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane, kuma a nan bambancin na iya zama na rai da mutuwa.

Mene ne tsiron tsufa?

Fatar mutum hawa-hawa ce. Hawan da ke sama ƙwayoyinsa na sabuntawa kullum: sababbi na tasowa daga ƙasa, tsofaffi na bushewa su kaɗe ba tare da an lura ba. Tsiron tsufa na faruwa ne idan ƙwayoyin wani ɗan wuri a wannan hawa na sama suka hayayyafa fiye da ƙima, suka taru suka yi tudu. Saboda tarin yana tashi sama ne maimakon ya nutsa cikin nama, shi ya sa yake kama da abin da aka liƙa. Ba shi da saiwar da za ta ratsa ciki, kuma ba ya aika ƙwayoyinsa zuwa wata gaɓa.

Yakan fara a matsayin ɗan tabo shafaffe mai launin ƙasa. A hankali, cikin shekaru, sai ya yi kauri, samansa ya yi kaushi ko maiƙo-maiƙo, wani lokaci ya tsattsage kamar busasshiyar laka. Gefensa a fili yake, ana iya nuna daidai inda ya tsaya da inda lafiyayyar fata ta fara. Girmansa na kamawa daga ƙwayar gero zuwa faɗin kan babban yatsa, wasu ma su wuce haka. Da wuya ya zo shi kaɗai. Wanda ya ga ɗaya a ƙirjinsa, idan aka duba bayansa sau da yawa za a tarar da wasu.

Babban abin da ke kawo shi shi ne shekaru da gado. Ba ƙazanta ce ke jawo shi ba, ba abinci ba ne, kuma sabulu ko dirza ba sa gusar da shi. Yakan yi ƙaiƙayi, musamman da hunturu idan fata ta bushe, ko idan wuyan riga, sarƙa ko igiyar rigar mama na gugarsa. Idan aka sosa shi da ƙarfi yakan ɗan yi jini ko wani sashensa ya ɓare, daga baya ya sake tofowa.

A tsakanin baƙaƙen fata akwai wani nau'insa da ya fi yawa, wanda kusan kowa ya taɓa gani a fuskar wata gwaggo ko inna: ƙananan baƙaƙen ɗigo masu tudu a kan kumatu, gefen ido, goshi da wuya, kowanne bai cika wuce milimita 1 zuwa 5 ba. Likitan nan ɗan Italiya, Aldo Castellani, ne ya bayyana shi a rubuce a 1925. Shi wannan ba ya jiran tsufa, domin yakan fara tun bayan balaga, ya riƙa ƙaruwa da shekaru. Ya fi yawa a jikin mata, kuma yana bin dangi. Idan aka duba shi a madubin likita, gininsa ɗaya ne da na babban tsiron da ke fitowa a baya, kuma shi ma ba shi da illa.

Inda melanoma ke ɓuya a jikin baƙar fata

Yawancin bayanan da ake yaɗawa kan melanoma an rubuta su ne domin Turawa, waɗanda zafin rana ke jawo musu ita a baya, kafaɗa da ƙwauri. Baƙar fata na da kariya mai yawa daga rana, don haka cutar ba ta da yawa a cikinsu kamar yadda take a Turai ko Ostireliya. Amma idan ta zo, takan zaɓi wuraren da launi bai yi yawa ba: tafin ƙafa, dunduniya, tsakanin yatsun ƙafa, tafin hannu da ƙarƙashin farce. Wannan nau'in ba shi da alaƙa ta kai-tsaye da rana, don haka rufe jiki ba ya hana shi.

Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke kan Titin Zariya a Gyaɗi-Gyaɗi, cikin Ƙaramar Hukumar Tarauni, wanda aka kafa a 1988, yana da sashen binciken naman da aka yanko daga jikin majinyata. Wani nazari da likitocin Kano suka wallafa a 2004 kan samfuran kansar fata da aka bincika ya nuna cewa melanoma ce ta biyu a yawa, da kusan kashi ɗaya cikin uku, kuma ƙafa ce gaɓar da kansar fata ta fi kamawa. Hakan ya yi daidai da abin da aka sani a sauran asibitocin koyarwa na Najeriya, inda mafi yawan masu melanoma ke zuwa da ita a tafin ƙafa, kuma da yawansu sai ta riga ta zama gyambo.

Sanannen misali a duniya shi ne mawaƙin Jamaika, Bob Marley. A 1977 aka gano cewa baƙin da ke ƙarƙashin farcen babban yatsan ƙafarsa, wanda aka fara ɗauka raunin ƙwallo ne, melanoma ce. Ta bazu zuwa huhu da ƙwaƙwalwarsa, ya rasu ranar 11 ga Mayu, 1981, yana da shekara 36.

Daga nan ake samun ƙa'ida mafi sauƙi kuma mafi amfani ga mutanen wannan yanki: tsiron tsufa ba ya fitowa a tafin ƙafa ko tafin hannu, ba ya fitowa a ƙarƙashin farce, ba ya fitowa a cikin baki. Duk baƙin tabon da aka gani a waɗannan wurare, ko mene ne shi, ba tsiron tsufa ba ne, kuma bai kamata a sallame shi da sunan shekaru ba.

Tambayoyi uku da ke raba su

Tambaya ta farko ita ce inda abin yake, kamar yadda aka bayyana. Ta biyu ita ce kamanninsa. Tsiron tsufa yana zaune ne a kan fata, yatsa na jin tudunsa da kaushinsa, siffarsa zagayayya ce ko kamar ƙwai, launinsa kusan iri ɗaya. Ita kuwa melanoma a farkonta shafaffiya ce, tana cikin fata kamar tawadar da ta zube a ƙyalle. Idan aka raba ta biyu a zuci, rabi ba ya kama da rabi. Gefenta a karkace yake, wani wuri ya shiga, wani ya fita, wani kuma ya dushe har ba a san inda ya ƙare ba. Launinta a gauraye yake, baƙi wuluk a nan, ƙasa-ƙasa a can, wani lokaci da toka-toka, ja ko fari. Likitoci a Jami'ar New York ne suka tsara waɗannan alamomi a 1985 domin sauƙin tunawa, tare da ma'aunin faɗin da ya wuce milimita 6, wato kamar magogin da ke kan fensir.

Tambaya ta uku, wadda ta fi sauran nauyi, ita ce sauyi, kuma a 2004 aka ƙara ta cikin jerin. Tsiron tsufa na girma ne cikin shekaru, har mai shi ba ya iya tuna yaushe ya fara. Melanoma na sauyawa cikin watanni: ta faɗaɗa, ta ƙara duhu, wani sashenta ya kumbura ya yi ƙululu, ko ta fashe ta riƙa jini ba tare da an taɓa ta ba. Rashin ciwo ba shaidar lafiya ba ce, domin a farkonta ba ta zafi ko kaɗan. Akwai kuma dabarar kwatanci: idan mutum na da tsiro goma sha biyar a bayansa duk masu kama da juna, sai guda ɗaya ya fita daban a launi ko siffa, wannan ɗayan shi ne abin nuna wa likita.

Farce na da nasa hukuncin. Baƙaƙen fata da yawa na da siraran layuka masu duhu da suka bi tsawon farce, a yatsu da dama, kuma wannan ba cuta ba ce. Abin da ke buƙatar bincike shi ne layi ɗaya a farce ɗaya, musamman babban yatsan hannu ko na ƙafa, wanda faɗinsa ya kai milimita 3 ko ya wuce, yake ƙara faɗi, ko baƙinsa ya malalo daga farcen zuwa fatar da ke gindinsa, ko farcen ya fara tsagewa. Jinin da ya kwanta bayan tuntuɓe yana tafiya gaba tare da farcen yayin da yake girma, har a yanke shi. Baƙin da ya tsaya a gindi wata da watanni ba jini ba ne.

Waɗannan alamomi na da iyaka. Tsiron tsufa da riga ta goge har ya kumbura yakan yi baƙi ƙirin, ya yi ɓawo, ya yi jini, ya tsorata har ƙwararre. Haka kuma akwai melanomar da ke kwaikwayon tsiron tsufa, akwai wadda ba ta da launi sam, sai dai ta fito kamar jan tsiro ko gyambon da ya ƙi warkewa. Sannan ba kowane baƙin ɗigo a tafin ƙafa ne kansa ba. Tawadar Allah da aka daɗe da ita, ƙarama, mai launi ɗaya, wadda ba ta sauyawa, abu ne da aka saba gani a ƙafar baƙar fata. Ido na iya ware wanda ake zargi, amma madubin ɗakin bincike ne kaɗai ke yanke hukunci.

Misali: tsiro a baya, tabo a dunduniya

A ɗauki misalin wani dattijo mai shekara 64 mazaunin Tarauni, wanda mai ɗakinsa ta lura da wani baƙin tsiro a tsakiyar bayansa, faɗinsa kimanin santimita ɗaya da rabi. Singileti na gugarsa, yana ƙaiƙayi, sau biyu ya ɓata rigar da jini. 'Ya'yansa suka tsorata suka kai shi asibiti, aka tura shi wurin likitan fata.

Likitan zai fara da tambayar tsawon lokacin da abin ya yi, a ce masa ya fi shekara biyar. Zai shafa ya ji kaushi da tudu, ya ga gefen a yanke tsaf, ya kuma ƙirga wasu guda goma sha biyu masu kama da shi a kafaɗa da ƙugu. Idan akwai ƙaramar na'urar hannu mai fitila da ke ƙara girman fata kamar sau goma, zai ɗora ta a kai ya nemi alamomin tsiron tsufa: fararen ɗigo kamar ƙananan duwatsun ado a cikinsa, ƙananan ramuka da busasshiyar fata ta toshe, da kwaruruka masu lanƙwasa irin na saman ƙwaƙwalwa. Idan ya same su, bayanin a taƙaice yake: Baba, wannan na shekaru ne, ba abin tsoro ba ne.

Sai dai likita mai lura ba zai tsaya nan ba, zai nemi a cire takalmi. A gefen dunduniyar hagu ga wani shafaffen tabo mai faɗin milimita 12, baƙi a tsakiya, ƙasa-ƙasa a gefe, bakinsa a karkace. Dattijon bai ma ambace shi ba, domin ba ya ciwo, kuma yana ganin wata ƙusa ce da ya taɓa takawa. Da aka matsa da tambaya, sai ya tuna cewa wata takwas da suka wuce bai fi ƙwayar dawa ba. Wuri, kamanni da sauyi duk sun haɗu a nan. Likitan zai lalubi matsematsin wannan ƙafar ya ji ko akwai kaluluwa, domin nan ne zangon farko da melanomar ƙafa ke sauka idan ta fara tafiya.

Mataki na gaba shi ne a yi allurar kashe zafi, a yanke tabon gaba ɗayansa da ɗan gefen lafiyayyar fata kamar milimita 2, a sa a ruwan adana nama, a aika ɗakin bincike. Idan sakamako ya tabbatar da melanoma, lambar da ta fi kowace muhimmanci a takardar ita ce zurfinta cikin fata da milimita, ma'aunin da likita Alexander Breslow ya fito da shi a 1970. A ce an samu milimita 1.5. Wannan na nufin za a koma tiyata a ƙara yanke santimita 1 zuwa 2 na fatar da ke kewaye da wurin, mai yiwuwa a ɗebo fata daga cinya a rufe ramin, sannan a bincika kaluluwar matsematsi, a kuma ci gaba da ganin likita na tsawon shekaru.

Zurfin nan shi ne ke raba makoma. Melanomar da ba ta kai milimita 1 ba, fiye da mutum tara cikin goma na rayuwa shekaru goma bayan an cire ta, da tiyata kaɗai. Wadda ta wuce milimita 4, ta fashe ta zama gyambo, hatsarin bazuwarta zuwa huhu, hanta ko ƙwaƙwalwa na da girma, kuma a lokacin maganar takan koma ta yanke yatsa ko sashen ƙafa da magunguna masu tsadar gaske. Tsiron da ya kawo dattijon asibiti bai buƙaci komai ba; tabon da bai damu da shi ba shi ne ke neman ransa.

Cirewa da kurakuran da ake yi

Tsiron tsufa ba ya buƙatar magani sai idan yana damun mai shi da ƙaiƙayi, yana maƙale wa tufafi, ko yana ɓata fuska. Tun da a sama yake, likita na iya kankare shi da wani ɗan ƙarfe mai kama da cokali bayan allurar kashe zafi, ko ya ƙone shi da siririyar allurar lantarki, wadda ita aka fi amfani da ita wajen ƙananan na fuska. Akwai kuma daskarar da shi da ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, amma wannan hanya na da illa ga baƙar fata, domin sanyin na kashe ƙwayoyin launi, ya bar farin tabon da kan fi tsiron muni. Shi ya sa likitoci kan gwada a tsiro ɗaya ko biyu a ɓoyayyen wuri, su jira makonni su ga yadda fatar ta warke kafin su taɓa sauran. Wanda jikinsa ke yin tabo mai tudu bayan rauni, musamman a ƙirji, kafaɗa da kunne, ya kamata ya faɗa tun kafin a fara. Cire wasu kuma ba ya hana sababbi fitowa a wani wurin.

Kuskure mafi hatsari shi ne cire baƙin abu kafin a san ko mene ne. Ana kai wa wanzami ya yanke, ana ɗaure shi da zare, ana ɗiga masa ruwan batir ko wani haɗi mai ƙuna da aka sayo a kasuwa, wasu kuma na shafa man bilicin da fatan ya dushe. Idan tsiron tsufa ne, abin da aka samu shi ne ƙuna da tabo. Idan kuwa melanoma ce, an cire samanta ne kawai, an bar ƙasanta na ci gaba da nutsawa a ƙarƙashin tabon, an kuma lalata naman da za a auna zurfinsa. Bayan watanni sai kaluluwa ta bayyana a matsematsi ba a san daga inda ta taso ba. Ƙa'idar da likitoci ke bi ita ce duk abin da ake kokwanto a kai ba a ƙone shi, yankewa ake yi a aika bincike, kuma majinyaci na da haƙƙin ya tambaya ko an aika, ya kuma koma ya karɓi sakamakon.

Wani abin lura da ba a cika samu ba shi ne tsiron tsufa masu yawan gaske su ɓarke lokaci guda cikin 'yan makonni ko watanni, da ƙaiƙayi mai tsanani. An danganta irin wannan da kansar cikin jiki, musamman ta tumbi ko hanji, don haka idan ya zo tare da rama, kasala ko sauyin bayan gida, yana buƙatar cikakken bincike. Ƙaruwar da ake gani sannu a hankali cikin shekaru ba ta cikin wannan.

Duba ƙafa ba ya buƙatar kuɗi. Sau ɗaya a wata, a wuri mai haske, a juya tafin ƙafa a dube shi daga dunduniya zuwa yatsu, a buɗa tsakaninsu, a duba farata. Tsofaffin da ba sa iya sunkuyawa ko idonsu ya yi rauni, ɗa ko jika na iya yi musu. Mata masu yawan ƙunshi su duba a lokacin da lalle ya goge, kafin a sa wani, domin baƙin lalle na rufe tafin ƙafa da farce na makonni. Idan aka ga wani tabo, a ajiye ma'auni na 'yan makaranta a gefensa a ɗauki hoto da waya, a sake ɗauka bayan wata ɗaya domin kwatanci. Amma tabon tafin ƙafa da ya riga ya wuce milimita 6 ko 7, ko mai gaurayen launi, ko wanda ya fashe, ko gyambon ƙafa da ya yi wata guda bai warke ba, wannan ba na jiran hoto na biyu ba ne. Na kai wa likita ne a makon.